Hoto ɗaya, yaro da dattijo: yadda za ka zaɓi Hausar da za ka yi bayani da ita

Maluman lakwal da matasan da ke zagayen wayar da kai cikin unguwannin Tawa sun sha kawo mini tambaya ɗaya. An ba su hoto, an ce su je su yi bayani, da safe suna gaban yara, da la'asar suna zauren mai unguwa, to wace Hausa za su yi a nan, wace za su yi a can? Yawancinsu sun ɗauka cewa yaro Hausar wasa ake yi masa, dattijo kuma Hausar rediyo mai manyan kalmomi. Wannan zaton shi ke ɓata aikin. Girmama dattijo yana cikin yadda ka kira shi, da yadda ka jera maganar, da abin da ka sakaya, amma kalmomin da ke ɗauke da ilimin dole su kasance masu sauƙi ga su biyun.

Zan bi matakan da hoto guda na masassarar cizon sauro, wato palu, irin wanda ake liƙawa a bangon gidan likita in damina ta kama. A sama an zana ƙaton sauro bisa hannun mutum. A tsakiya akwai da'ira mai kibiyoyi, tana nuna ƙwai cikin ruwa, da tsutsa, da tsutsar bayan ta dunƙule, da sauro mai fiffike. A ƙasa ta hagu ga yaro kwance da masassara, uwarsa na dafe da goshinsa. A ƙasa ta dama ga mace mai juna biyu da ƙaramin yaro cikin sange.

1. Karanta hoton kai kaɗai, ka fidda abin da ba zai canza ba

Kafin ka yi tunanin wa za ka yi wa magana, zauna da hoton ka rubuta maganganu uku da kake so kowa ya tashi da su, yaro ne ko tsoho. A wannan hoton ga su. Sauro cikin ruwan da ya kwanta yake haihuwa, kuma daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana 10 zuwa 14 ne a lokacin zafi. Macen sauro ce ke cizo, daga faɗuwar rana zuwa asuba, cizon nan kuma shi ke kai ƙwayar cutar cikin jini. In jikin yaro ya yi zafi a kai shi likita a ranar, a gwada jininsa.

Waɗannan ukun su ne za ka auna kanka da su bayan ka gama. In ka sauƙaƙa wa yaro har ɗaya ta faɗi, ka sauƙaƙa da yawa. In ka sakaya wa dattijo har ɗaya ta ɓace cikin ladabi, ladabin ya cinye saƙon.

Hattara a nan: wasu hotunan suna nuna gwangwani da tsohuwar taya a matsayin gidan sauro. Sauro na haihuwa a cikinsu, gaskiya ne, amma irin da ke kawo masassara ya fi son ruwan sama da ya kwanta a fili rana na dukansa, kamar kududdufi, da ramin da aka haƙi ƙasar bulo, da sawun shanu a bakin tabki. Ka san wannan tun a gida, domin dattijon da ya yi kiwo zai iya tambayarka.

2. Kayan da za ka riƙe

Takarda ta fi waya. Fuskar waya ƙarama ce, hasken rana na kashe ta, idon tsoho kuma sau da yawa akwai yana ko rashin tabarau. Fotokofi baƙi da fari yawanci dala biyar ne zuwa goma, wato sefa 25 zuwa 50, mai launi ya fi haka tsada, amma kofi guda ya isa in ka sa shi cikin leda mai haske. Ka nemi ɗan tsinke ko alƙalami na nuni, da ƴar takarda da za ka rufe sashen hoton da ba a kai gare shi ba.

Abin da ya fi duka amfani kyauta ne. Ɗauki gorar ruwa ta roba mai haske, ka ɗebo ruwan kududdufi mai tsutsar sauro, ka ɗaure bakin da ƙyalle. In ka gama ka zubar da ruwan bisa busasshen yashi, kada ka bar gorar a gidan mutane. In zauren dattawa za ka, goron dala ashirin ko arba'in ya wadatar.

3. Yanke shawarar wace Hausa, tun kafin ka yi sallama

Hausa uku ce ke bakinka ko ba ka lura ba. Akwai ta labarun rediyo da takardu, wadda ake cewa «kamuwa da cuta», «matakan riga-kafi», «kiwon lafiyar al'umma». Akwai ta gida da kasuwa, wadda a Tawa take cike da Adaranci da aron Faransanci, a ce «palu», a ce «lokotoro», a ce «mi», «wanga», «shina», «munka». Sai ta uku, Hausar girmamawa, wadda ba ta da ƙamus nata daban, ita dai ta gida ce aka sa mata gaisuwa da neman izini da sakaya.

Yaro ta biyu yake buƙata. Dattijo ta uku. Ta farko kuwa wurinta takardar rahoto da taron da aka sa lasifika, kuma ina ganin matasa sun fi yin kuskure da ita fiye da kowace. Saurayi ya tashi a unguwar Bilbis ta Tawa, ya shiga zauren kakansa, sai ya koma Kananci yana «yana da muhimmanci mu fahimci cewa». Tsohon ba ya jin girmamawa cikin wannan, abin da yake ji shi ne jikansa ya zo yi masa lacca. In Adaranci ka tashi da shi, yi Adarancinka. In kuwa kai baƙo ne, daga Maradi ko Damagaram aka turo ka, yi Hausarka a fili da sannu, kada ka ari karin harshen mutane don ka burge su, za a ɗauka kwaikwayonsu kake.

Shekaru kaɗai ba su isa awo ba. Tambayi kanka abu uku. Mene ne tsakaninka da shi? Kakanka na jini akwai wasa tsakaninku, kana iya sassautawa, amma surukinka ko limamin unguwa babu wannan. Wane karatu ya yi? Tsohon malamin lakwal mai ritaya zai so ka ce «palu» kai tsaye, malamin allo kuma zai fi sakewa da «masassara». Su wa ke wurin? Maganar da dattijo zai karɓa ku biyu, ba zai karɓe ta gaban matansa da ƴaƴansa ba.

4. Da yaro: tambaya kafin bayani

Mu ɗauka yarinya ce ƴar shekara bakwai ko takwas. Zauna ƙasa yadda kanku zai daidaita, ka ba ta takardar ta riƙe da hannunta. Kira ta da sunanta, ka ce mata «ke». Rufe komi sai sauron sama, sannan ka tambaya.

«Mi kika gani nan?»

«Ƙwaro.»

«Wane ƙwaro? Dubi bakinshi. Wa ke da dogon baki haka, shina kuka kusa ga kunnenki da dare?»

«Sauro!»

Ita ta faɗi sunan, kai ba ka faɗa ba, kuma abin da yaro ya gano da kansa ya fi zama a kansa. Daga nan sai ka ɗaga gorar.

«Dubi cikin ruwan nan. Kin ga masu wutsil-wutsil? Ƴaƴan sauro ne. Uwarsu ta yi ƙwai cikin ruwa, ƙwan ya fashe, ga su. In aka bar su kwana goma da ƴan kai, sai su yi fiffike su tashi.»

Yanzu ka buɗe da'irar tsakiya, ka sa ta ɗora yatsa bisa ƙwai, ta bi kibiya da yatsanta har ta dawo inda ta faro. Kada ka ɗauka yaro ya san ma'anar kibiya. Wanda bai daɗe a lakwal ba yakan ga abubuwa huɗu daban-daban, bai ga abu ɗaya da ke girma ba. Ka ce «wannan ya zama wannan» a kowane tsalle, da baki.

Jimlolinka su zama gajeru, kowace da aiki guda. Kalmomin motsi da sauti suna taimako sosai a nan, wutsil-wutsil, zau, tsit. Sunan cutar kuma ka yi amfani da wanda take ji a gida. In uwarta «palu» take cewa, ce «palu». In «masassara» ce, ce haka. Ƙwayar cutar ka kira ta «wani abu ƙarami ƙwarai da ido ba ya gani, sauro ke ɗauko shi daga jinin marar lafiya ya kai jinin mai lafiya». Zancen hanta da ƙwayoyin jini ka bar shi sai ta girma.

Gargaɗi biyu a wannan matakin. Na farko, kada ka tsorata ta da yaron da ke kwance. «In ba ki shiga sange ba za ki mutu» magana ce da ke hana yaro barci, wani kuma ta sa ya ɓoye zafin jikinsa don kada a ce laifinsa ne. Ce mata: «Jikinsa ya yi zafi, ya faɗa wa innarsa, za a kai shi likita ya warke. Ke ma in kin ji sanyi ko ciwon kai, wa za ki faɗa wa?» Na biyu, kada sauƙaƙawa ta kai ka ga ƙarya. Wasu kan ce wa yara «ruwan datti ke kawo palu», sai yaron ya tashi da cewa shan ruwan ne ke kawo shi, sauron ya fita daga lissafi gaba ɗaya.

Ka rufe da aikin da ya dace da ƙarfinta: ta duba ko an cusa bakin sange ƙarƙashin tabarma ko katifa, ta nuna wa babba in ta ga huda. Minti goma ya isa duka.

5. Da dattijo: abin da ke gaban hoton

A nan hoton ba shi ke fara fitowa ba. Ka yi sallama, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ko ka zauna ƙasa da inda yake. Gaisuwa ta tafi yadda aka saba, kwana, gajiya, iyali, damina, ƙarfin jiki, kuma shi zai nuna ta ƙare, ba kai ba. Takardar na naɗe a hannunka duk wannan lokacin.

Sunan da za ka kira shi ka shirya shi tun a hanya. Sa'an mahaifinka «Baba» ne, tsohuwa «Inna» ko «Iya», wanda ya sauke farali «Alhaji» ko «Hajiya», malami «Allah gafarta Malam», mai sarauta «ranka shi daɗe». Sunan yanka ba ya fitowa daga bakinka. A nan ƙasarmu ana ce wa babba «ku» ko da shi kaɗai ne, kuma ina ba da shawarar ka riƙe wannan daga farko har ƙarshe. Fara da «ku» sannan ka zame zuwa «kai» a tsakiyar bayani ya fi muni bisa ga rashin farawa da shi, domin daidai lokacin da ka ɗauki zafin koyarwa ne ake zamewar, sai ta fito kamar ka hau kansa.

Sannan ka nemi izini, ka kuma sa kanka a matsayin ɗan aike.

«Baba, wata takarda anka ba mu daga likita, anka ce mu gwada ma iyayenmu. Na ce ba ni zagaya unguwa da ita ba ku gani ba. In kun ba ni dama in buɗe.»

Miƙa ta da hannun dama, hagu na tallafe. Ka ba shi lokaci ya duba, ka yi shiru. Mutane da yawa shirun nan ke gagararsu. In zai yi nesa da ita da idonsa ko ya juya ta, ƙyale shi.

Kada ka yi masa irin tambayar da ka yi wa yarinyar. «Me kuka gani nan?» ga yaro wasa ne, ga dattijo jarrabawa ce, kuma in idonsa bai gane zanen ba ka kunyata shi. Kai za ka faɗi abin da aka zana, ka bar masa hukunci.

6. Da dattijo: bayanin kansa

Fara da girman sauron, tun bai tambaya ba. Zanen da aka faɗaɗa yana sa wasu su ce a ransu wannan ba irin na garinmu ba ne, daga nan sauran bayanin ya tashi a banza.

«Wanga sauro ne, irin namu na nan. Girman da kuka gani, mai zanen ya ƙara shi don a ga bakin da kyau.»

Lura da kalmomin: sauro, baki, zane. Babu wadda yarinyar ba za ta gane ba. Abin da ya canza shi ne «kuka» da kuma ba da dalili. Yaro ana nuna masa abu, babba ana gaya masa dalilin abu.

Wajen nuni, yi amfani da tsinken ko buɗaɗɗen hannun dama, kuma maimakon umurni kai tsaye ka koma ga «a». «Dubi nan» ta zama «in an duba nan». «Ku riƙa shiga sange» ta zama «an so a riƙa ɗaura ma yara sange tun magariba». Wannan «a» ɗin tana ɗauke nauyin umurni daga kansa, ta mayar da maganar ta kowa.

Da'irar tsakiya tana da tarko na musamman. Wanda ya yi karatun allo idonsa daga dama yake farawa, masu zanen kuma yawanci daga hagu suka jera. Saboda haka ka faɗi mafari da baki: «Daga nan anka faro.» Sannan ka jingina bayanin da abin da ya riga ya sani. Manomin Adar ya san fara tana binne ƙwanta cikin ƙasa, ruwa ya sauka ƴaƴan su fito ba fiffike, daga baya su tashi. Ce masa sauro ma haka yake, sai dai shi cikin ruwa yake zuba nasa, kuma mako biyu bai cika ba ya tashi. In ka kawo gorar, ajiye ta gabansa kawai. Ya sha ganin tsutsar nan, wataƙila dai ba a taɓa haɗa masa ita da sauro ba.

Yanzu ga wurin da aikin ke tsayawa ko ya rushe. Dattijon zai iya cewa:

«Yaro, mu tun muna ƙanana mun san masassarar ga. Sabon hatsi ka kawo ta. Da an fara cin tumu sai yara su kwanta.»

In ka ce «a'a, ba haka ba ne», ka gama. Ba zai yi gardama da kai ba, zai ce «to, madalla», ya naɗe takardar, kuma ba za a ɗaura sangen ba. In kuma ka ce «haka ne, Baba» ka wuce, ka ci amanar abin da ya kawo ka. Hanyar ita ce ka nemi gaskiyar da ke cikin maganarsa, domin akwai ta. Lokacin da ya faɗa daidai ne, masassara ta fi yawa daga tsakiyar damina zuwa kaka.

«Lokacin da kunka faɗa, Baba, shi ne likitoci ma sunka gani. Abin da sunka ƙara shi ne, ruwan da ya nunar da hatsin shi ne ya cika kududdufai, sauro ya yi yawa. Kuma cizon ba ranar yake nunawa ba, sai bayan kwana goma ko sha biyar. Shi ya sa ciwon ke faɗowa daidai da tumu, alhali sauron ya riga ya yi aikinshi tun baya.»

Ka tabbatar masa da abin da ya lura da shi, ka sauya dalilin, kuma ka jingina sabon dalilin ga likitoci maimakon kanka. Ba a ce ya yi kuskure ba, ba a kuma ɓoye masa komi ba.

Haka za ka yi in ya ce ciwo da lafiya na Allah ne. Ka amsa da gaske, ka ce haka ne, sange da magani sababi ne. Amma kada ka jawo aya ko hadisi gaban malami in ba ka da tabbacin lafazinsa. Bar masa wannan fagen, sau da yawa shi zai kawo hujjar da kansa. Karin magana ma haka: guda ɗaya a inda ta dace ta isa, kuma ta fi kyau in daga bakinsa ta fito. Yaro mai jera wa tsoho karin magana ana ganinsa da rashin kunya.

Lambobi kuwa ka ba shi cikakku, don shi ke yanke hukunci a gidan. Maganin riga-kafin da ake rabawa gida-gida na yara ne daga wata 3 zuwa wata 59, wato waɗanda ba su cika shekara 5 ba. Ana ba da shi wata-wata a lokacin da ciwon ya fi yawa, kowane zagaye kwana 3 a jere, na ranar farko gaban mai rabawa, na sauran kwana biyun a hannun uwa. Gwajin jinin yatsa kuma minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. Yarinyar ba ta buƙatar waɗannan, amma mai gida in bai san na kwana biyun nan ba, ba zai tambayi ko an ba da su ba.

7. Sassan hoton da ke da kunya

Matar da ke cikin sange tana da ciki. Ga yarinya, «inna da ɗanta cikin sange» ya isa, in ta tambayi cikin ka ce za ta haihu, sauro bai kamata ya cije ta ba. Ga dattijo kalmar ita ce «mai juna biyu», kuma kada ka danganta ta da kowa a gidansa. «Kamar matar ɗanku» magana ce da ba a yi, ko da kowa ya san tana da shi. Ce «masu juna biyu ciwon ya fi yi musu illa, shi ya sa in sun je awo ake ba su maganin kariya». In kai namiji ne kuma tsohuwa kake yi wa bayani, faɗi wannan a taƙaice idonka na ƙasa, sauran ka bar wa ma'aikaciya mace ko ungozoma.

Yaron da ke kwance ma kada ka kwatanta shi da jikan gidan. «A ce jikanku ne wannan» ana jinta kamar mugun fata. Ce «yaro in ya kwanta haka, Allah shi kiyaye». In zancen mutuwa ya zama dole, «rasuwa» ko «rasa rai» ake cewa.

Sai dai akwai iyaka ga sakaya, kuma ina so a riƙe wannan da ƙarfi. Alamomin haɗari ba a lulluɓe su ga kowa. Yaro na fisge-fisge, ko ya kasa kama nono ko shan ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, wannan likita ake nufa nan take, ko tsakar dare ne. Ka faɗe su ɗaya bayan ɗaya da sunansu. «In jikin ya matsa» ba ta isa ba, domin kowa da inda yake ganin jiki ya matsa, kuma fisge-fisgen nan shi ne wasu gidaje ke ɗauka iska ce su tsaya neman hayaƙi. Ladabinka ya tsaya a murya da «ku», kalmomin su fito fili.

8. In yaron da dattijon suna wuri ɗaya

Wannan ya fi faruwa fiye da yadda ake shiryawa, domin da ka buɗe takarda a tsakar gida yara sun kewaye ka. Ka fara da babba, ka gama da shi, sannan ka nemi izini: «Inna, in kun yarda in gwada ma yaran.» Daga nan ka juya jikinka gaba ɗaya wajen yaran, ka sauya murya, don kowa ya san da wa kake.

Akwai riba a nan. Bayanin da ka yi wa yaran da gora da bin kibiya da yatsa, tsohuwar na ji, kuma abin da ya wuce ta a zagayen farko za ta tsince shi ba tare da ta nuna ba ta gane ba. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka sa yaro ya gyara wa babba. In ɗan lakwal ya yi tsalle ya ce «mushe ya ce ba tumu ba ne», kada ka yaba masa a wurin, kada kuma ka ƙaryata shi. Ce «Kaka ta faɗi lokacin, mushe ya faɗi sauron, duka suna cikin takardar».

9. Yadda za ka san an gane

Yaro ka karɓi takardar ka ce ya koya maka, ko ya koya wa ƙanensa kana ji. In ya ce sauro daga ruwa yake fitowa, da dare yake cizo, zafin jiki a faɗa wa inna, ya samu ukun. In ya ce «kada a sha ruwan datti», koma ga gorar.

Dattijo ba a ce masa «kun gane?», balle «maimaita in ji». Amsar kullum «to» ce, kuma «to» ɗin ba ta nuna komi. Mayar da shakkar kanka, ka ce «ban sani ba ko na faɗa daidai», ko ka nemi shawararsa kan aiki: «A ganinku, Baba, wane rami ne cikin unguwar ga ya fi riƙe ruwa?» In ya fara lissafa ramuka, ya ce na bayan masallaci da na wurin masu bulo, ya kira wani ya ce a duba sangen yara, saƙon ya shiga. In ya koma yi maka addu'a da godiya ba tare da ya taɓa zancen ruwa ko sange ba, sallamarka yake yi cikin mutunci. Kada ka sake buɗe bayanin a ranar. Ka bar masa takardar, ka ce za ka biyo ka karɓa jibi, in ka dawo kuma ka fara da tambayar ramukan.